Gaisuwar Maulidi da ta Sabuwar Shekarar Musulunci: Tambayoyi da Amsoshi

Ranar Sallah ba wanda yake tsayawa tunanin abin da zai ce. Yaro ɗan shekara huɗu ma ya san "Barka da Sallah", ya kuma san za a amsa masa da "Allah ya maimaita mana". Amma idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, ko aka wayi gari ɗaya ga Muharram, sai ka ga babban mutum ya riƙe waya yana rubutawa yana gogewa. Waɗannan ranaku biyu ba su da kafaffiyar gaisuwa irin ta Sallah, kuma ba kowa ne ya ɗauke su ɗauka ɗaya ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi jin ana yi, na amsa su gwargwadon abin da na koya a wurin manya da malamai.

Mece ce gaisuwar Maulidi mafi sauƙi da ba za a ce na yi kuskure ba?

"Barka da Maulidi." Idan kana so ka sa kanka ciki, ka ce "Barkanmu da Maulidi." Wannan ta wadatar a bakin hanya, a kasuwa, ko a ƙofar masallaci.

Sai dai gaisuwar Bahaushe ba ta cika tsayawa a kan "barka" kaɗai ba, addu'a ce take biyo baya, kuma a nan ne ake gane wanda ya san ranar da yake magana a kai. Addu'ar Sallah ta shafi karɓar ibada, domin an yi azumi ko an yi layya. Addu'ar Maulidi kuwa ta shafi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: sonsa, koyi da shi, da cetonsa ranar gobe. Shi ya sa za ka ji masu yin Maulidi suna cewa "Allah ya ƙara mana son Annabi", ko "Allah ya bar mu da Annabi", ko "Allah ya sa mu cikin cetonsa". Ka ɗauki ɗaya daga ciki ka haɗa da barkar, gaisuwa ta cika:

"Barkanmu da Maulidi. Allah ya ƙara mana son Manzon Allah da koyi da shi."

Idan wata ne ya kama, ranar ba ta zo ba tukuna, sai a ce "Barkanmu da shigowar watan haihuwar Fiyayyen Halitta."

To ta sabuwar shekara fa?

"Barka da sabuwar shekarar Musulunci." Kada ka yar da kalmar "Musulunci" ko "Hijira", musamman a rubuce, domin kunnuwan mutane sun saba jin "sabuwar shekara" a watan Janairu. Addu'ar da ta dace da ita ta zaman lafiya ce da wadata da tsawon rai mai amfani:

"Barkanmu da shiga sabuwar shekarar Hijira. Allah ya sa mun shigo a sa'a, ya ba mu alherin da ke cikinta, ya kare mu daga sharrinta."

Tsofaffi sukan taƙaita su ce, "Allah da ya nuna mana farkonta, ya nuna mana ƙarshenta lafiya." Ni wannan ta fi kwanta mini a rai, domin ta tuna wa mutum cewa akwai waɗanda aka shiga bara da su, bana babu su. Idan kana gaida gidan da aka yi rashi cikin shekarar da ta fita, ka ƙara da "Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu." Za ka ga yadda fuska take sakewa.

Akwai kuma addu'ar da aka ruwaito daga sahabi Abdullahi ɗan Hishamu, cewa sahabbai suna koyon ta idan wata ko shekara ta shigo. Ma'anarta: Ya Allah ka shigo mana da shi da aminci da imani da lafiya da Musulunci, da yarda daga Mai rahama, da tsari daga Shaiɗan. Wanda yake son saƙonsa ya zama addu'a zalla, ba tare da "barka" ba, ga ta nan.

Idan aka gaishe ni, me zan amsa?

"Barka kadai" ko "Barkanmu dai", sannan "Amin" ga addu'ar, sannan ka mayar da taka: "Allah ya maimaita mana."

Ga wani ƙaramin abu da ake yawan tuntuɓe a kansa. Sallah mace ce a nahawun Hausa, shekara ma mace ce, amma Maulidi namiji ne. Saboda haka ana cewa "Allah ya nuna mana ta baɗi" a Sallah, amma "Allah ya nuna mana na baɗi" a Maulidi. Haka nan "an yi Maulidi lafiya, Allah ya karɓe shi", amma shekara "Allah ya sa mu gama ta lafiya". Wanda ya kwafo saƙon Sallah ya canza kalma ɗaya, a nan asirinsa yake tonuwa.

Zan iya cewa "Barka da Sallah" ranar Maulidi, tunda gwamnati ma tana ba da hutu?

Gwamnatin Tarayyar Nijeriya tana ba da hutun Maulidi, kuma a sanarwarta tana kiran ranar Idil Maulud. A Nijar ma ranar hutu ce. Amma hutu daban, Sallah daban. Idi biyu ne suke da sallar idi da huɗuba, wato ƙaramar Sallah da babba, kuma a kan wannan masu yin Maulidi da marasa yi duk bakinsu ɗaya. Idan ka ce wa mutum "Barka da Sallah" ranar 12 ga Rabi'ul Awwal, wani zai ɗauka ka rikice, wani kuma zai ɗauka kana nufin ka mayar da ranar idi na uku, sai gardama ta tashi a inda gaisuwa kawai ka yi nufi.

Akwai togaciya guda. A Daura da Gumel ana yin Sallar Gani cikin wannan wata, da hawan sarki da dawakai, kuma sunan bikin ke nan tun kaka da kakanni. Idan kana gaida Badauri a lokacin, "Barka da Sallar Gani" daidai ne. Ka dai ambaci Ganin, kada ka tsaya a "Sallah".

Addu'ar nan ta "Allah ya karɓa mana da ku", wadda aka san sahabbai da yi wa juna ranar idi, ita ma ka bar ta a muhallinta. Sai fa idan mutum ya yi wani aiki da ka sani, kamar ya ciyar da jama'a ko ya raya dare da karatu, sai ka ce masa "Allah ya karɓa, ya ba da lada."

Ina da ɗan'uwa da ba ya yin Maulidi. In gaishe shi ko in ƙyale shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma zan ɗan daɗe a kanta.

Saɓanin ba ɓoyayye ba ne. Mabiya ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya da wasu Musulmi masu yawa suna yin Maulidi, suna ganinsa hanya ce ta nuna farin ciki da samuwar Annabi, suna kafa hujja da malamai irin su Imam Suyuɗi da ya yi rubutu a kan kyawunsa. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, da sauran masu bin wannan fahimta, suna ganin bidi'a ce, tunda Annabi da sahabbansa ba su yi ba. Yau da wuya ka sami zuri'a a ƙasar Hausa da ba ta haɗa ɓangarorin biyu ba. Uba yana zuwa zawiyya, ɗa yana sauraron wa'azin Izala, ana cin tuwo a kwano ɗaya.

Abin da nake gani shi ne: kada ka aika wa mutum "Barka da Maulidi" alhali ka san ba ya yi. Gaisuwa kyauta ce, kuma ba a ba mutum kyautar abin da aka san ba ya ci. Idan ka yi haka da saninka, shi ma ya san ba gaisuwa kake yi ba, tsokana ce, ko da ka lulluɓe ta da salati.

Abin ya taɓa faruwa da ni ba da niyya ba. Wata shekara na rubuta saƙon Maulidi guda na tura wa duk sunayen da ke wayata. Cikinsu har da wani kawuna da na san tun ina yaro ba ya yi. Bai yi mini faɗa ba. Ya rubuto mini, "Allah ya ƙara mana son Annabi da bin sunnarsa. Yaya yara?" Da na karanta sai na ga bai karɓi barkar ba, bai kuma wulaƙanta ni ba, ya ɗauko abin da muka haɗu a kai ya miƙo mini. Tun daga ranar na daina tura saƙo ɗaya ga kowa.

Saboda haka, idan kana so ka tuna da irin wannan ɗan'uwa a watan, ka gaishe shi gaisuwar yau da kullum, ka tambayi iyali, ka rufe da addu'ar da ba Musulmin da zai ƙi cewa amin: "Allah ya shayar da mu daga tafkin Annabi", ko "Allah ya tashe mu cikin tawagarsa." Ba ka ambaci biki ba, ba ka ɓoye son Annabi ba.

Ni ne ba na yi, kuma an aiko mini da barka. Yaya zan amsa ba tare da na saɓa wa fahimtata ba?

Ka yi irin ta kawun nan nawa. Ka amsa addu'ar, ka bar barkar. "Amin, na gode. Allah ya dawwamar da mu a kan sunnarsa." Idan baki da baki ne, "Amin, Allah ya saka da alheri" ta isa, sai ka shiga tambayar gida.

Abin da ba na so in gani shi ne a mayar wa gwaggo ko kaka martani da dogon rubutu a kan bidi'a. Matar da ta tashi da asuba ta dafa abinci ta aiko gidanka saboda murnar haihuwar Annabi ba muhawara ta zo yi ba. Idan kana ganin akwai nasiha a wuyanka, tana da lokacinta da wurinta, cikin sirri da ladabi, ba a matsayin amsar gaisuwa ba, ba kuma a gaban ƙannenka ba.

Shin ita ma gaisuwar sabuwar shekara akwai saɓani a kanta?

Akwai, amma bai kai na Maulidi zafi ba. Ba a ruwaito cewa Annabi ko sahabbai suna yi wa juna barka da sabuwar shekara ba. Hasali ma, ƙidayar shekaru daga Hijira a zamanin halifancin Sayyadina Umar aka tsara ta, bayan wafatin Annabi. Wasu malamai na da sun ce taya murna da shigowar wata ko shekara halal ne, ba sunna ba ce, ba kuma bidi'a ba, al'ada ce ta mutane. Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya kuwa fatawarsa sananniya ce: kada ka fara, amma idan wani ya yi maka, ka amsa masa da addu'ar alheri.

Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne, kusan kowa zai amsa maka idan ka yi masa addu'ar sabuwar shekara. Idan kana shakkar mutum, ka bar "barka" ka ce, "Yau ɗaya ga Muharram. Allah ya sa shekarar ta zame mana ta alheri."

Akwai wanda bai kamata a yi wa murnar shigowar Muharram ba?

Akwai. Ga 'yan Shi'a, kwanaki goman farko na Muharram kwanakin juyayi ne, saboda kisan Imam Husaini, jikan Annabi, a Karbala ranar 10 ga Muharram shekara ta 61 bayan Hijira. Suna sa baƙaƙen kaya, suna zaman makoki. Idan maƙwabcinka ko abokin aikinka yana cikinsu, saƙo mai furanni da "murnar sabuwar shekara" zai zo masa kamar ka yi guɗa a gidan rasuwa. Su a tsakaninsu "Allah ya girmama ladanmu" suke cewa. Kai da ba ka cikinsu, gaisuwar yau da kullum ta ishe ka, ko ka ce "Allah ya ba mu zaman lafiya cikin wannan shekara."

A Maulidi ma akwai ɗan bambanci: su ranar 17 ga Rabi'ul Awwal suke ɗauka ranar haihuwar, kuma kwanakin da ke tsakanin 12 da 17 suna kiran su Makon Haɗin Kai. Barkar da ka yi musu a kowace rana cikin wannan mako ta faɗa daidai.

Yaushe ya kamata in aika?

Ranar Musulunci da faɗuwar rana take farawa. Daren Maulidi shi ne daren da ake wayar gari 12 ga wata, wato daga magaribar ranar 11. A daren ne ake taruwa ana karanta Ishiriniya da Burda da tarihin Annabi har gari ya waye a wurare da yawa. Saboda haka daga magaribar nan gaisuwa ta buɗe. Kuma tunda makarantun Islamiyya da zawiyoyi suna ci gaba da shirya nasu Maulidin har ƙarshen wata, wani lokaci har ya tsallaka, ba a cewa ka makara.

A Kano akwai ƙarin rana: Takutaha, mako guda bayan Maulidi, wadda ake ɗauka a matsayin ranar suna, jama'a su yi ado su zaga gari, wasu su hau Dutsen Dala. Bakano za ka iya ce masa "Barka da Takutaha", ko washegari ka tambaye shi "An yi Takutaha lafiya?" Wanda ba Bakano ba yana iya rasa inda ka dosa.

Ta sabuwar shekara kuwa tana buƙatar haƙuri. Kalandar bango lissafi ce, wata kuwa sai an gan shi. A Nijeriya ka jira sanarwar fadar Sarkin Musulmi, a Nijar ka jira ta hukumar da ke da alhakin duban wata. Yakan faru Saudiyya ta shiga Muharram yau, mu sai gobe. Wanda ya yi gaggawar rubuta "yau ɗaya ga Muharram" alhali garinsu ana 30 ga Zulhajji, ya raba wa mutane kwanan wata na kuskure, kuma da wannan kwanan watan ne za su lissafa azumin Tasu'a da Ashura, ranakun 9 da 10. Ka ga kuskuren ya wuce na gaisuwa.

Wace lamba zan rubuta? Na ga wasu sun sa 1447, wasu 1500, a shekara guda.

Duka biyun suna da ma'ana, amma abu biyu suke ƙirgawa. Shekarar Hijira ta 1447 ta kama a ƙarshen watan Yunin 2025. Wannan ƙidaya daga hijirar Annabi zuwa Madina take farawa, a shekarar 622 ta Miladiyya. Lokacin hijira kuwa Annabi yana da shekara 53. Idan ka tara 53 da 1447 za ka sami 1500, shi ya sa Maulidin da aka yi a farkon Satumbar 2025 mutane da yawa suka kira shi cikar shekara 1500 da haihuwarsa, a lissafin shekarun wata.

Don haka a waccan shekarar rubuta "Maulidin shekarar 1447" daidai ne. Rubuta "cika shekara 1447 da haihuwar Annabi" kuskure ne, ka rage masa shekarun da ya yi kafin hijira. Idan lissafin zai rikita ka, ka bar lambar gaba ɗaya, gaisuwa ba ta buƙatarta.

Wani kuskuren da ke yawo a saƙonnin sabuwar shekara shi ne "a rana mai kamar ta yau Annabi ya yi hijira." Ba a Muharram ya isa Madina ba, a Rabi'ul Awwal ne. Sahabbai sun zaɓi shekarar hijira ta zama shekara ta ɗaya, suka kuma zaɓi Muharram ya zama watan farko, wanda yake zuwa bayan an dawo daga aikin Hajji. Sai ka rubuta "shekara ta kaza bayan Hijira", ka tsaya nan.

Yaya zan gaida manya: iyaye, surukai, malami, basarake?

Gaisuwar ranar ba ta maye gurbin gaisuwar girma. Sai ka fara da wadda aka saba, ka durƙusa idan a gabansu kake, ka tambayi kwana da gajiya, sannan ka kawo barkar. Ga babba kuma "barkanmu" ko "barkanku" ta fi "barka" tsurarta ladabi.

Ga mahaifiya: "Inna, ina kwana? Barkanmu da ganin sabuwar shekara. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, a ci gaba da sa mana albarka."

Ga suruki, da jam'in girmamawa: "Baba, barkanku da Maulidi. Allah ya ƙara girma, ya maimaita mana."

Ga malami: "Allah ya gafarta Malam, barkanmu da wannan wata mai albarka. Allah ya ƙara kusanci da Manzon Allah. A sa mu a addu'a."

Ga hakimi ko sarki: "Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani. Muna taya ka murnar shigowar sabuwar shekara, Allah ya zaunar da ƙasarka lafiya."

Abu guda da nake roƙon matasa: kada ku tura wa mahaifi ko malami hoton da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, a ce shi ke nan an gaishe shi. Kira na minti biyu, ko saƙon murya da ka ambaci sunan da kake kiransa da shi, ya fi hoto ɗari. Kuma idan kakarka Basakkwatiya ce ko 'yar Maraɗi, ka yi mata da harshen da ta rene ka da shi, "Allah shi maimaita muna." Ba sai ka gyara shi zuwa Hausar littafi ba.

Abokan wasa fa? Na ji ana maganar cika-ciki da kuɗin shara.

A al'adar Hausa Muharram shi ne watan cika-ciki. Ana dafa abinci mai yawa a daren Ashura, a wasu gidaje har da abin da aka adana na ragon layya, kowa ya ci ya ƙoshi. A watan ne kuma taubasai da sauran abokan wasa suke bin juna kuɗin shara. Tsakanin irin waɗannan, gaisuwar sabuwar shekara takan zo da zolaya: "Barka da cika-ciki, ina kuɗin sharata?" Wannan tsakaninku ne kai da taubashinka. Ba a kai ta gaban suruki, ba a kuma sa ta cikin saƙon da za a tura wa jama'a.

Waɗanne saƙonni ne bai kamata in tura ba ko da sun zo mini da daɗin karantawa?

Na farko, wanda yake cewa duk wanda ya fara sanar da wani shigowar Rabi'ul Awwal an haramta wa wuta cin jikinsa, a jingina wa Annabi. Wannan ba hadisi ba ne, ƙirƙirarsa aka yi, kuma za ka gan shi yana dawowa da sunan Rajab ko Sha'aban ko Ramadan, wata kawai ake canzawa. Masu yin Maulidi da marasa yi duk sun yarda cewa yi wa Annabi ƙarya babban zunubi ne. Abin baƙin ciki ne a ce da sunan murnar haihuwarsa aka yaɗa ƙarya a kansa.

Na biyu, saƙon ƙarshen Zulhajji mai cewa "yau za a naɗe littafin ayyukanka na bana, ka yafe mini kafin a rufe." Neman gafarar juna abu ne mai kyau kowace rana, amma naɗe littafi a ƙarshen Zulhajji ba shi da tushe. Abin da ya zo a hadisi shi ne ana bijiro da ayyuka ranakun Litinin da Alhamis, ana kuma ɗaukaka su a watan Sha'aban. Idan ka san ka ɓata wa wani, ka kira shi ka ambaci laifin, ya fi saƙon da ka tura wa mutum ɗari biyu.

Na uku, duk saƙon da ya ƙare da "tura wa mutum goma za ka ji labari mai daɗi", ko "idan ka ƙi turawa ba ka son Annabi." Alamar gane su ke nan: alkawarin lada mai adadi ba tare da an faɗi inda aka samo ba, da barazana ga wanda bai tura ba.

Sai kuma gaisuwar Turanci ta ranar haihuwa, irin wadda ake yi wa aboki da kek da kyandir. Ko masu yin Maulidi da yawa ba sa jin daɗin a yi wa Annabi ita, domin ta sauko da shi matsayin tsara. Muna da "Fiyayyen Halitta", muna da "Shugaba", muna da "Manzon Rahama".

In rubuta salati a cike ko in taƙaita da haruffa?

A saƙon da dukansa a kan Annabi yake, ka cika shi: "Sallallahu alaihi wa sallam", ko da Hausa, "tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi." Malamai da yawa sun ƙi son taƙaitawar. Sau ɗaya a cike ya wadatar a gajeren saƙo.

Ina so in rubuta saƙo ɗaya ga dangi gaba ɗaya, kuma sun haɗa kowane ɓangare. Yaya zan tsara shi?

Bari mu ɗauki misali. A ce zuri'arku mutum arba'in ne a zaure ɗaya na waya: kakarku tana Kano tana shirin Takutaha, wani baffa limamin masallacin Izala ne, wata gwaggo tana aure a Dosso, kowace shekara tana zuwa Maulidin Kiota, ga kuma ƙanne ɗalibai. Rubutun farko da zai zo maka wataƙila shi ne: "Ina taya ɗaukacin 'yan'uwa murnar Maulidi, Allah ya bar mu da masoya Annabi, ya shiryi masu ƙi."

Dubi abin da ke ciki. "Ɗaukacin" ta jawo baffa cikin bikin da ba ya yi. "Masu ƙi" kuwa ta nuna shi da yatsa a gaban 'ya'yansa, ta kuma ce wanda ba ya Maulidi ba ya son Annabi, wanda ba gaskiya ba ne. Kafin la'asar zauren ya kama da wuta.

Sai a gyara. A fara da sallama da gaida manya. A ambaci watan da abin da kowa ya yarda da shi, wato a cikinsa aka haifi Annabi bisa mashahurin zance. A keɓe barkar ga masu yi. A rufe da addu'ar da ta game kowa:

"Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu. Allah ya kawo mu watan da aka haifi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Masu hidimar Maulidi, barkanku, Allah ya sa a yi lafiya a tashi lafiya. Allah ya ƙara mana duka sonsa da bin koyarwarsa, ya haɗa kan zuri'armu, ya jiƙan magabatanmu."

Baffa zai iya cewa amin bai saɓa wa abin da yake karantarwa ba. Kaka da gwaggo sun sami barkarsu. Bayan haka sai ka ɗaga waya ka kira kaka ita kaɗai, ka yi mata cikakkiyar "Barka da Maulidi" yadda take so.

Maƙwabcina Kirista ya ce mini barka da Maulidi. Me zan ce masa?

Ka gode masa da fuska a sake: "Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, ya ba mu zaman lafiya." Ko kana yin Maulidi ko ba ka yi, shi ya ga ranar hutu ce ta Musulmi, ya yi maka kara. Ba lokacin da za ka zaunar da shi ka yi masa bayanin saɓanin malamai ba ne. Idan gidanku an yi girki, a zuba a kwano a miƙa masa.